Ribar da Ke Takarda da Ribar da Ke Aljihu: Asara Biyu da Ake Mantawa Idan Za a Fara Sabon Aiki

Yakan faru mai masana'anta ya fito da sabon kaya, kayan ya karɓu, dillalai su yi ta layi a bakin ƙofa, amma idan shekara ta zagayo aka haɗa lissafi sai a ga kuɗin da ya rage a hannu bai fi na bara da wani abin kirki ba. Ba sata aka yi ba, kuma akanta bai yi kuskure a haɗawa da ɗebewa ba. Tun a takardar farko, wadda aka duba aka ce a fara aikin, aka manta da abubuwa biyu. Na farko shi ne amfanin da za a rasa saboda an karkatar da wata kadara da ake da ita zuwa sabon aikin. Na biyu shi ne cinikin da sabon kayan zai ƙwace daga tsohon kayan gidan.

Masana harkar kuɗin kamfanoni suna da ƙa'ida ɗaya wajen auna kowane sabon aiki. Ba a tambayar nawa aikin zai kawo shi kaɗai. Tambayar ita ce: nawa ne zai shiga aljihun kamfanin gaba ɗaya idan an yi aikin, nawa kuma zai shiga idan ba a yi ba? Bambancin da ke tsakanin amsoshin nan biyu shi ne ƙarin kuɗin da aikin ya jawo, kuma shi kaɗai ya kamata a ɗora a sikeli. Duk abin da zai canza saboda aikin, ya shiga lissafi, ko da a wani sashe na kamfanin canjin zai auku. Duk abin da ba zai canza ba, a fitar da shi, komai yawansa.

Lissafin farko

Mu ɗauki misalin wata Hajiya mai gidan burodi a Kano. Alƙaluman na misali ne, an zaɓe su don lissafi ya fito fili. Tana gasa burodi na gama-gari guda 2,000 a kullum, tana sayar da kowanne naira 900. Fulawa, sukari, yis, mai, makamashin gashi, leda da kamashon dillali suna cin naira 650 a kan kowane ɗaya. Ke nan kowane burodi yana bar mata naira 250.

Manajanta ya kawo shawarar a fito da burodi mai madara da bota. Za a sayar da shi naira 1,500, kayan haɗinsa za su ci naira 1,050, ya bar naira 450. Ana sa ran sayar da guda 600 a rana, kwana 300 a shekara, wato naira miliyan 81. Albashin sababbin ma'aikata, man janareta da gyare-gyare za su ci miliyan 33. Saura miliyan 48 a shekara. Sabuwar tanda da injin kwaɓa fulawa za su ci miliyan 85, kuma za su yi aikin shekara biyar. Wurin aiki kuwa, in ji manaja, kyauta ne, domin Hajiya tana da sito a jikin gidan burodin.

Kuɗin da zai zo baɗi bai kai darajar na yau ba. Idan Hajiya za ta iya juya naira 100 a wata harka mai irin wannan haɗari ta zama 120 a shekara, to naira 120 ta baɗi daidai take da 100 ta yau. A kan wannan ma'auni na kashi 20 cikin 100, kuɗin da zai riƙa shigowa duk shekara har shekara biyar, darajarsa a yau kusan ninki uku ce ta kuɗin shekara ɗaya, ba ninki biyar ba. Miliyan 48 sau uku ya ba da kusan miliyan 144. A cire jarin miliyan 85, sai a ga rarar kusan miliyan 59. Duk wanda aka nuna wa wannan takarda zai ce a fara gobe.

Siton da aka ce kyauta ne

A halin yanzu wani ɗan kasuwa ne yake ajiye kaya a siton, yana biyan hayar naira miliyan 6 a shekara. Ranar da aka kafa tanda a ciki, hayar ta yanke. Hajiya ba za ta zaro ko sisi ta biya kowa ba, shi ya sa babu rasit, babu kuma layin da zai fito a littafin akanta. Amma idan ba a yi aikin ba, miliyan 6 za ta shigo. Idan an yi, ba za ta shigo ba. A wajen aljihu, kuɗin da ya fita da kuɗin da aka hana shigowa duk ɗaya ne. Wannan shi ne farashin damar da aka bari, kuma wajibi ne a caje shi a kan sabon burodin duk shekara.

Akwai hanyoyi uku da ake kuskure wajen ƙiyasta shi. Ta farko ita ce a ɗauko abin da aka kashe wajen gina siton shekarun baya. Wannan kuɗi ya riga ya tafi, ko an yi aikin ko ba a yi ba, ba zai dawo ba. Abin dubawa shi ne abin da siton zai iya kawowa daga yau zuwa gaba. Haka ma kuɗin da manaja ya riga ya kashe wajen gwajin ɗanɗano da zana leda: an kashe, an wuce wurin, ba ya cikin shawarar da za a yanke yanzu. Mutane kan juya abin: su saka kuɗin da ya riga ya tafi saboda suna da rasit ɗinsa, su bar hayar da za a rasa saboda ba ta da rasit.

Ta biyu ita ce a tara dama biyu a caji aikin da su. Siton ana iya ba da shi haya, ana iya sayar da shi, amma ba za a yi duka biyun ba. Damar da ta fi tsoka cikin waɗanda za su yiwu da gaske, ita kaɗai ake ɗauka. Idan sayarwa ce ta fi, sai a rubuta kuɗin da za a samu a kasuwa yau, bayan an cire la'ada da haraji, a matsayin wani ɓangare na jarin farko. Sannan a ƙarshen shekara biyar a mayar wa aikin darajar da siton zai yi a lokacin, tunda yana nan bai tafi ko'ina ba.

Ta uku ta shafi kayan da ke zaune. A ce motar rabon burodi tana fita da rabin ciki babu kaya, sabon burodin zai cike gurbin. Idan da gaske babu wani amfani da za a yi da wannan gurbi a tsawon shekarun aikin, farashinsa sifiri ne, kuma zalunci ne a ɗora wa aikin rabin kuɗin motar. Amma idan cinikin tsohon burodin yana ƙaruwa, kuma da zai cike motar nan da shekara huɗu, yanzu sabon kayan ya sa dole a sayi mota ta biyu nan da shekara biyu, to gaggauta sayen motar da shekara biyu tsada ce, kuma sabon aikin ne ya jawo ta.

Shi kansa ma'aunin kashi 20 cikin 100 farashin dama ne. Ko da miliyan 85 ɗin kuɗin Hajiya ne ba bashi ba, da ta iya sanya su wani wuri. Sukuk na farko da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100, ya biya kashi 16.47 cikin 100 a shekara, alhali haɗarinsa bai kama ƙafar na gidan burodi ba. Jarin mutum na kansa ba kyauta ba ne, kamar yadda sitonsa ba kyauta ba ne.

Sabon kaya yana cin tsoho

Su waye za su sayi burodi 600 ɗin nan? Wasu sababbin abokan ciniki ne da aka janyo daga wasu gidajen burodi. Wasu da ba sa sayen burodi sosai, ɗanɗanon ya ja su. Amma wasu kuwa mutanen Hajiya ne tun fil azal: magidancin da ya saba sayen na naira 900, yau ya ga sabo a teburin mai shayi ya ɗauka, ya bar tsohon. A wajen wannan mutum, gidan burodin bai sami sabon ciniki ba. An cire daga aljihun hagu ne an sa a na dama, da ɗan ƙari.

A ce cikin 600 ɗin, 240 irin waɗannan ne, wato kashi 40 cikin 100. Tsohon burodin zai sauka daga 2,000 zuwa 1,760 a rana. A nan ma akwai wurin da ƙafa ke zamewa. Wani zai ninka 240 da naira 900 da kwana 300, ya ce an yi asarar miliyan 64.8. Wannan ya wuce gona da iri, domin burodin da ba a sayar ba, ba a gasa shi ba, ba a sayi fulawarsa ba, ba a biya kamashonsa ba. Abin da aka rasa shi ne naira 250 ɗin da kowanne ke barin gida. Naira 250 sau 240 sau 300 ya ba da miliyan 18 a shekara. Kuɗin haya da albashin tsofaffin ma'aikata ba sa shiga, tunda raguwar burodi 240 ba za ta rage su ba.

Yanzu a sake lissafi. Miliyan 48, a cire hayar miliyan 6, a cire miliyan 18 na cinikin da aka ci, saura miliyan 24. Rabi ya tafi. Wanda bai kula da darajar lokaci ba zai ce miliyan 24 sau biyar ai 120 ne, ya haura 85. Amma a darajar yau kusan miliyan 72 ne kawai, ƙasa da jarin da kusan miliyan 13. Aikin da aka ce zai kawo rarar miliyan 59, ashe zai rage arzikin mai shi ne. An bar haraji a gefe don sauƙin misali. A lissafin gaske, hayar da aka rasa da ribar da aka rasa duk bayan haraji ake rubuta su, domin da sun shigo da an biya musu haraji.

Wannan muhawara ba sabuwa ba ce. A makarantun koyon kasuwanci har yau ana karantar da labarin kamfanin abinci na Amurka mai suna General Foods, wanda Makarantar Kasuwanci ta Harvard ta rubuta a kan wata shawara ta shekarar 1967. Kamfanin ya so fito da sabon garin kayan zaƙi mai suna Super. An ƙiyasta cewa kashi 20 cikin 100 na cinikinsa zai fito ne daga jikin Jell-O, shahararren kayan kamfanin. Kuma za a yi shi a ginin Jell-O, da wani injin da ba a cika amfani da ƙarfinsa duka ba. Ma'aikatan sashen kuɗi sun yi ta ja-in-ja kan ko a caji Super da ginin da injin ko kada a caje shi, kuma kowace hanya ta ba da riba daban. Tambayoyin Hajiya ne sak, girman kuɗin ne kawai ya bambanta.

Idan maƙwabci zai ci ko ba ka ci ba

Da a nan zancen ya tsaya, da darasin mai sauƙi ne: a guji duk kayan da zai taɓa tsohon ciniki. Amma ƙa'idar ba ta ce a gwada yau da gobe ba. Ta ce a gwada gobe idan an yi aikin, da gobe idan ba a yi ba. Kuma goben da ba a yi aikin ba, ba lallai ne ta yi kama da yau ba.

A ce Hajiya ta sami tabbacin cewa wani gidan burodi a unguwar ya riga ya sayi tanda, zai fito da mai madara nan da watanni. Cikin mutane 240 ɗin nan masu son sabon ɗanɗano, 140 za su koma wurinsa idan ita ba ta da irinsa. Waɗannan tsohon burodin ya riga ya rasa su ko ta yi aikin ko ba ta yi ba, don haka ba laifin sabon burodinta ba ne. Waɗanda aikin ya jawo rashinsu da gaske 100 ne kawai, wato naira miliyan 7.5 a shekara. Sai lissafin ya zama miliyan 48, a cire 6, a cire 7.5, saura miliyan 34.5. A darajar yau kusan miliyan 103, rarar kusan miliyan 18 a kan jari. Tanda ɗaya, sito ɗaya, farashi ɗaya, amma hukunci ya juya, saboda abin da ake gwadawa da shi ya canza.

Manyan kamfanoni sun sha fuskantar wannan zaɓi. Lokacin da Apple ya fito da iPhone a 2007, wayar tana yin duk abin da na'urarsa ta sauraren waƙa, iPod, take yi. Cinikin iPod ya kai ƙololuwa a 2008, daga nan ya yi ta sauka har aka daina yin sa a 2022. Amma wayoyin wasu kamfanoni ma suna kan hanyar cinye wannan kasuwa, don haka gara cinikin ya koma wani kayan gida da ya fita waje. A ɗaya ɓangaren, injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital tun 1975, a lokacin da ribar kamfanin ta dogara ga sayar da fim. Kodak ya shiga harkar dijital daga baya, amma ribarta ba ta maye gurbin ta fim ba, kuma kasuwar fim ta rushe ba tare da jiran izininsa ba. A watan Janairun 2012 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda karyewa.

Sai dai wannan hujja tana da haɗari, domin ita ce mafakar duk manajan da ke son a amince da aikinsa. Da zarar an ce sabon kaya zai ci tsoho, sai ya ce ai ko ba mu yi ba wani zai yi. Ya kamata a tambaye shi: wane ne zai yi, yaushe, kuma mene ne shaida? Idan kayan na da wahalar kwaikwayo, ko kamfanin shi kaɗai ne a yankin, to cinikin da za a ci asara ce ta gaske, a rubuta ta dukanta. Sannan idan an yarda maƙwabci zai shigo, dole a koma kan adadin 600 ɗin, domin shi ma zai ɗebi nasa rabon daga ciki. Ba daidai ba ne a tuna da abokin gasa wajen rage asara, a manta da shi wajen ƙiyasin ciniki.

Yadda ake gano adadin

Babu wanda zai san kashi nawa za a ci kafin a fara, amma ana iya kusantar gaskiya. Hanya mafi inganci ita ce gwaji a ƙaramin yanki. A ba dillalai na unguwanni biyu ko uku sabon burodin na wasu makonni, a bar wasu unguwanni masu kama da su ba tare da shi ba. Sai a duba cinikin tsohon burodin a ɓangarorin biyu. Idan ya faɗi a inda aka kai sabon, bai faɗi a ɗayan ba, bambancin shi ne abin da aka ci. Amfanin unguwannin da ba a taɓa ba shi ne su tace abin da ba ruwansa da aikin, kamar shigowar azumi, hutun makarantu ko tashin farashin fulawa, waɗanda ke motsa ciniki a ko'ina. A ba gwajin lokaci, domin makon farko kowa ɗanɗanawa yake yi.

Hanya ta biyu ita ce a juya tambayar. Maimakon a ce nawa za a ci, a ce nawa aikin zai iya jurewa kafin ya faɗi? A misalinmu, don a mayar da miliyan 85 a darajar yau ana buƙatar kimanin miliyan 28.4 a shekara. Bayan cire haya akwai miliyan 42, ke nan aikin zai iya ɗaukar asarar kusan miliyan 13.6, daidai da burodi kusan 180 a rana, kashi 30 cikin 100 na sabon cinikin. Yanzu Hajiya ta san iyakar. Idan gwaji ya nuna kashi 10, ta ci gaba da kwanciyar hankali. Idan ya nuna 28, ta san a bakin gaɓa take, sai ta sake duba farashi, ko ta kai sabon burodin kantuna da unguwannin da tsohon bai taɓa shiga ba.

Bayan an fara ma akwai alamu. Cinikin sabon kaya yana hawa amma jimillar buhunan fulawar da ake amfani da su ba ta motsa sosai ba. Dillalai suna karɓar sabo suna rage odar tsoho a rana ɗaya. Tsohon burodin da ake dawowa da shi bai sayu ba yana ƙaruwa. Duk wanda ya ga waɗannan, ya san gida ne ke cin gida.

Adalci ya wajabta a ambaci ɗaya gefen. Wani lokaci sabon kaya yakan ƙara wa tsoho kasuwa. Kantin da ya fara karɓar burodi mai madara zai iya cewa a haɗo masa da na gama-gari. Wannan ƙari shi ma aikin ne ya jawo shi, a rubuta masa, da irin tsananin binciken da aka yi wa asarar.

Dalilin da ya sa waɗannan abubuwa ke yawan faɗuwa daga takarda bai wuce yadda ake raba aiki da lada ba. Littafin akanta yana rubuta abin da aka biya da abin da aka karɓa, ba ya rubuta abin da aka bari ya wuce. Manajan sabon kaya kuma ana yaba masa ne da cinikin kayansa, faɗuwar tsoho a littafin wani take fitowa. Don haka mai kamfani ko hukumar gudanarwa su ne ya kamata su dage. Kafin sa hannu a kan kowane sabon aiki, a nemi a ga layi biyu a takardar: ɗaya na kadarorin gida da aikin zai mamaye da abin da za su iya kawowa a wani wuri, ɗaya na ribar tsofaffin kaya da za ta ragu ko ta ƙaru. Ko da amsar sifiri ce, a rubuta sifirin tare da dalilinsa, domin wanda zai zuba jarin ya iya gwada dalilin kafin kuɗinsa su fita.